Rabon Kyauta a Shafin Kasuwanci: Yadda Za Ka Tara Masu Saye, Ba Masu Jiran Rabo Ba

Duk mai sayar da kaya a Instagram ko Facebook ya san wannan sanarwar, ko ya gan ta a shafin wani ko shi da kansa ya taɓa rubuta ta: "Za mu raba naira dubu hamsin ga mutum biyar. Ka bi shafinmu, ka yi laik, ka yi tagin abokanka uku, ka ajiye lambar asusunka." Kafin gari ya waye sharhi ya cika maƙil, adadin mabiya ya yi tsalle, mai shafi yana murna. Bayan wata guda sai ya saka hoton sabon kaya, a wuni guda babu wanda ya tambayi farashi. Mutanen da suka yi dafifi sun watse, waɗanda suka rage kuma sun yi gum. An yi taron tsintsiya ba shara.

Ra'ayina a wannan magana shi ne, tun ranar da ka zaɓi abin da za ka bayar da sharaɗin shiga, ka riga ka zaɓi irin mutanen da za su zo. Ba a ranar fitar da gwani ake gane an yi nasara ko an faɗi ba. Kuma abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba, hanyoyin da suka fi jawo masu farautar kyauta su ne dai waɗanda dokokin dandalin suka hana. Wanda ya gyara tsarinsa don ya sami masu saye, zai tarar ya kuɓuta daga yawancin saɓa doka ba tare da wata wahala ta daban ba.

Bari mu ɗauki misali guda mu bi shi har ƙarshe. Alƙaluman da zan kawo na misali ne don lissafi ya fito fili, kowa sai ya sa nasa a gurbinsu. A ce wata baiwar Allah ce a Kano take haɗa turaren wuta da humra a gida, tana da mabiya 2,000 a Instagram, tana kai kaya cikin gari ta hannun mai babur, na nesa kuma ta aika ta tasha. Ta ware naira 50,000 don ta faɗaɗa shafinta.

Hanya ta farko ita ce wadda aka saba: ta raba kuɗin ga mutum biyar, dubu goma-goma. Wa ke son naira 10,000? Kowa. Ɗalibi a Fatakwal yana so, matashin da bai taɓa riƙe kaskon turare ba yana so, mai asusu huɗu da ya buɗe su musamman don irin wannan rana yana so. Kuɗi ba ya tace kowa. A ce ta sami sababbin mabiya 3,000. Idan aka raba 50,000 da 3,000, kowane mabiyi ya zo mata a kan kusan naira 17, abin ya yi kama da araha. Amma bayan kwana talatin 1,200 sun cire kansu, 1,800 suna nan ba sa motsi, mutum biyu kacal suka sayi kaya. To ainihin lissafin ke nan: ta sayi kowane mai saye a kan naira 25,000, alhali ribar da ke cikin kwalbar humra ba ta kai kusa da haka ba.

Waɗanda suka tafi ma sun yi mata alheri. Matsalar tana ga waɗanda suka zauna. Instagram ba ya nuna wa kowane mabiyi duk abin da ka saka. Yana duba yadda waɗanda suka gani suka karɓe shi, sannan ya yanke shawarar ƙara yaɗa shi ko ya bar shi. Shugaban Instagram, Adam Mosseri, ya bayyana a farkon 2025 cewa manyan alamomin da ake dubawa su ne tsawon lokacin da aka ɗauka ana kallo, da yawan laik, da yawan tura wa wani, kuma ana auna laik da turawar ne gwargwadon adadin waɗanda abin ya kai gare su. Ke nan idan bidiyon sabuwar humra ya faɗa a idon mutum ɗari da ba ruwansu da turare, suka wuce shi a guje, abin da injin ya fahimta shi ne bidiyon bai burge ba. Sai ya rage kai shi gaba, har tsofaffin abokan cinikinta na gaskiya su daina cin karo da shi. Ta biya kuɗi ta dusashe muryarta da hannunta. Ga kuma abin da mai saye mai lura yake gani: shafi mai dubban mabiya, amma kowane hoto sharhi biyu ko uku. Irin wannan yana sa a yi zargin sayen mabiya aka yi, kuma a cinikin da ake tura kuɗi kafin a ga kaya, zargi kaɗan ya isa ya kori mutum.

Ba ina zargin masu bin kyautar ba ne. Rayuwa ta yi tsada, wanda ya ga inda ake raba dubu goma ya miƙa hannu bai yi laifi ba. An kira shi ne ya amsa. Idan niyyar mutum taimako ce, kamar yadda ake yi a watan azumi, to ya yi sadakarsa tsakaninsa da Allah, kada ya ɗaura mata sharaɗin a bi shafinsa. Idan kuma niyyarsa talla ce, ya tsara ta a matsayin talla. Cakuɗa su biyun ne yake sa a rasa tsarkin sadakar, a kuma rasa ribar tallar.

Yanzu ga hanya ta biyu. Maimakon kuɗi, ta ba da abin da take sayarwa: saiti uku, kowanne da kwalbar humra, da turaren wuta, da ɗan kasko. A ce tana sayar da saiti naira 15,000, amma ita yana tsaya mata a 9,000. Saiti uku sun ci 27,000, kuɗin kai wa masu rabo 6,000, jimla 33,000. Tun a nan ta ga fa'ida ɗaya: a idon jama'a kyautar ta naira 45,000 ce, a aljihunta kuwa ba ta kai haka ba. Fa'ida ta biyu ta fi girma. Saitin humra ba kowa yake jan hankalinsa ba. Amarya, da uwar amarya, da matar aure mai son ɗakinta ya yi ƙamshi, da maigidan da ke neman tsaraba, su ne za su tsaya. Mai asusu huɗu zai duba ya ga babu abin da zai yi da kasko, ya wuce. Kyautar da kanta ta yi aikin mai gadi.

Shi ya sa nake ganin waya, da katin waya, da data, duk ɗaya suke da tsabar kuɗi a wannan fage, sai fa ga wanda sana'arsa ke nan. Mai sayar da atamfa a Kantin Kwari da ya sa wayar hannu a matsayin kyauta ya kira masu son waya ne, ba masu son atamfa ba. Ya sa turmi biyu masu kyau, zai ga bambancin fuskokin da za su zo. Kuma gara kyauta matsakaiciya ga mutum uku da ƙatuwa ga mutum ɗaya. Ƙatuwar kyauta tana yaɗuwa har ta fita daga da'irar masu sayenka, ta isa kunnen waɗanda neman rabo ya zame musu aiki.

Bayan kyauta sai sharaɗin shiga, kuma a nan na fi son a daɗe, domin nan ne aka fi yin kuskure. Danna laik ba ya cin komai. Yatsa ne kawai. Duk sharaɗin da za a cika cikin daƙiƙa biyu ba tare da tunani ba, to an yi shi ne don mafarauci. Abin da ake so shi ne ƙaramin aiki wanda yake da sauƙi ga mai sha'awar kayan, amma yake da gundura ga wanda ba ruwansa. Mai turarenmu za ta iya cewa: "Ki faɗa mana a sharhi wane irin ƙamshi kika fi so a ɗakinki, mai sanyi ko mai ƙarfi, da garin da kike." Wadda take amfani da turare za ta amsa da daɗin rai, har ta ƙara da labarin wanda ta taɓa saya ya ɓata mata rai saboda hayaƙi. Wanda bai san abin ba zai rubuta "Allah ya sa ni ce" ko ya kwafi amsar wani, kuma tun a ƙa'ida an faɗa cewa amsar da ba ta taɓa tambayar ba, ba ta shiga.

Dubi abin da ta samu daga wannan tambaya guda. Ta tace masu shiga. Ta san garuruwan da ake son kayanta, wanda zai gaya mata ko ya dace ta nemi wakiliya a Kaduna ko Zariya. Ta san ƙamshin da ya fi kasuwa kafin ta sayi kayan haɗi na gaba. Ko da ba a ƙara mata mabiyi ko ɗaya ba, wannan bayanin ya biya wani ɓangare na kuɗin saitin.

Sai a ce, to ina ƙarin mabiyan, tunda ba a wajabta bin shafi ba? Amsar ita ce a ba mutum dalilin bi maimakon a tilasta masa. A rubuta cewa a wannan shafin za a sanar da masu rabo ranar kaza da ƙarfe kaza, kuma a cikin kwanakin gasar za a riƙa nuna yadda ake turara kaya ƙamshi ya daɗe, da yadda ake gane humrar da aka tsinka. Mai sha'awa zai bi don kada ya rasa. Wanda ya bi da ra'ayin kansa ya fi zama a kan wanda aka sa shi dole. Wannan yana nufin kafin a buɗe gasa sai shafin ya kasance da abin kallo: hotuna masu kyau, farashi a fili, yadda ake oda, shaidar waɗanda suka saya. Baƙon da ya leƙo ya tarar da hoto huɗu da aka saka tun bara ba zai zauna ba, ko me aka raba.

Hanyar da ta fi kawo sababbin fuskoki masu amfani ita ce haɗa gwiwa da mai sana'ar da ke maƙwabtaka da taka ba tare da kuna gasa ba. Mai turare ta haɗa da mai ƙunshi ko mai gyaran jikin amare a gari ɗaya. Mabiyan mai ƙunshi mata ne masu shirin biki, wato daidai waɗanda mai turare take nema. Instagram yana da tsarin Collab wanda ke sa sanarwa ɗaya ta fito a shafuka biyu lokaci guda, sharhin kuma ya taru wuri ɗaya. Wannan daban yake da abin da wasu ke yi na biyan wani shahararre kuɗi a sa sunanka cikin jerin shafuka talatin ko hamsin da za a ce jama'a su bi duka don su ci mota ko waya. Wanda ya bi shafi hamsin a minti biyar bai san sunan ko ɗaya ba, kuma da an gama zai bi su ɗaya bayan ɗaya yana cirewa. A ganina wannan ita ce hanya mafi muni da ɗan kasuwa zai kashe kuɗinsa a kanta.

Mu koma ga lissafi. A ce gasar ta ɗauki kwana biyar, mutum 180 suka ba da amsa mai ma'ana, shafin ya ƙaru da mabiya 250. A ido wannan ba komai ba ne kusa da 3,000. Kowane mabiyi ya tsaya mata a naira 132, kusan ninki takwas na hanyar farko. Amma bayan kwana talatin 210 suna nan, kuma 12 sun sayi kaya. Raba 33,000 da 12, kowane mai saye ya zo a kan naira 2,750. Kuma turare abu ne mai ƙarewa. Wadda ta ji daɗinsa za ta dawo. Wanda ya tsaya a kan farashin mabiyi zai ce hanyar farko ta fi. Wanda ya duba farashin mai saye ya san inda riba take.

Yanzu ga maganar doka, wadda yawancinmu ba ma karantawa sai an rufe mana shafi. Kamfanin Meta, mai Facebook da Instagram, ya sa rabon kuɗi a madadin laik, ko bi, ko sharhi, ko yaɗawa cikin abubuwan da ƙa'idojinsa suka hana. Wato sanarwar da na fara kawowa, wadda ake gani kullum, saɓa doka ce kai tsaye. Ganin wasu suna yi ba a taɓa su ba, ba hujja ba ce. Hukuncin yana iya zama cire sanarwar, ko rage yaɗuwar shafin, ko taƙaita shi, kuma idan abin ya yi ta maimaituwa ana iya rasa shafin ɗungurum. Wanda shafin nan ne shagonsa, bai kamata ya jingina shi a kan sa'a ba.

A Facebook akwai ƙarin ƙa'ida da ake yawan takawa. An yarda a gudanar da gasa a shafin kasuwanci ko a zaure, amma ba a yarda a yi amfani da bangon mutum na kansa ko abokansa a matsayin hanyar shiga ba. Saboda haka "ka yaɗa a bangonka don ka shiga", da "ka saka a bangon abokinka ka sami ƙarin dama", da "ka yi tagin abokanka don ka shiga", duk an hana su da sunansu. Tun a watan Disamba na 2017 kuma Facebook ya sanar cewa zai riƙa danne rubuce-rubucen da ke roƙon laik da tagin da yaɗawa ƙiri-ƙiri. Ke nan mai irin wannan sanarwa yana iya jawo wa kansa raguwar masu gani a daidai lokacin da yake neman ƙari.

Instagram yana da nasa shafin ƙa'idoji mai suna Promotion Guidelines, gajere ne, kuma ya kamata a buɗe shi a karanta kafin kowace gasa domin ana sabunta irin waɗannan dokoki. Abin da ya ƙunsa a taƙaice: kai ne ke da alhakin halaccin gasarka da bayyana ƙa'idojinta, har da shekarun masu shiga da inda suke zaune, kada ka sa mutane su yi tagin kansu ko wasu a hoton da ba sa ciki, kuma dole ka bayyana cewa Instagram ba shi da hannu a gasar, masu shiga kuma sun sauke masa duk wani alhaki. Wannan na ƙarshe layi biyu ne kawai, amma da wuya ka gan shi a sanarwar 'yan kasuwarmu. Ana iya rubuta shi da Hausa: "Instagram bai ɗauki nauyin wannan gasa ba, bai amince da ita a hukumance ba, ba shi ke gudanar da ita ba, kuma ba shi da alaƙa da ita. Duk wanda ya shiga ya yarda ba zai ɗora wa Instagram wani alhaki ba." Facebook ma yana buƙatar irin wannan bayani.

Sauran dandamali ba su yi nisa da haka ba. X yana so mai gasa ya hana buɗe asusu da yawa da maimaita saƙo iri ɗaya, don haka "wanda ya fi kowa sake turawa shi ya ci" hanya ce ta jefa mabiyanka cikin matsala. YouTube ya ce shiga gasa ya zama kyauta, kuma kada a yi amfani da ita wajen kumbura adadin kallo, ko laik, ko masu rajista.

Batun shiga kyauta ya wuce dokar kamfani. Da zarar an ce sai ka tura naira ɗari biyar kafin a sa sunanka a ƙuri'a, an bar rabon kyauta an shiga caca: kowa ya zuba, ɗaya ya kwashe bisa sa'a. Addini ya haramta, kuma hukuma tana da ta cewa. A Najeriya Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a watan Nuwamba na 2024 cewa sha'anin caca da wasannin sa'a hurumin jihohi ne, ban da Abuja da ke ƙarƙashin dokar tarayya, don haka dokar jiharka ce za ta hau kanka. Babban kamfani mai shirin garaɓasa ta miliyoyi yana buƙatar lauya da izinin hukuma. Ƙaramar 'yar kasuwa kuwa abin da ya fi mata aminci shi ne kada kuɗin kowa ya shiga: ba kuɗin rajista, ba sharaɗin sai an saya, ba kuɗin kai kaya daga wanda ya ci.

Wannan na ƙarshe yana da dalili na musamman. Kusan duk gasar da ta yi ɗan tashe, 'yan damfara suna buɗe shafi mai kama da naka, su ɗauki hotonka, su ƙara ɗigo ko harafi ɗaya a sunan, su bi masu sharhi ɗaya bayan ɗaya ta saƙon sirri: "Barka, ke kika ci. Turo dubu biyu kuɗin mota," ko "Turo lambobi shida da za su shigo wayarki yanzu." Lambobin nan su ne mabuɗin WhatsApp ɗin mutum ko na asusun bankinsa. Idan aka cuci wata da sunanka, kai za ta riƙe a zuciya. Maganin shi ne a rubuta ɓaro-ɓaro a cikin sanarwar, a kuma maimaita kullum har a gama: wannan shafin kaɗai ne namu, a bainar jama'a za mu faɗi masu rabo, ba za mu nemi ko sisi ba, ba za mu nemi wata lambar sirri ba. Haka kuma a daina cewa mutane su ajiye lambar waya ko ta asusu a sharhi, domin tara wa ɓarayi jerin sunaye ne. Wanda ya ci kaɗai za a nemi adireshinsa, a ɓoye. Lambobin da aka karɓa don gasa kuma ba a kwashe su a zuba a zauren talla ba tare da izinin masu su ba; Najeriya tana da dokar kare bayanan jama'a tun 2023, kuma ko babu doka, wanda ya wayi gari a zauren da bai nema ba fita zai yi da fushi.

Ƙa'idojin gasar su kasance a rubuce tun ranar farko, kada a canza su a tsakiya. Mene ne kyautar, mutum nawa za su samu, wa zai iya shiga, yaushe za a rufe, yaya za a zaɓa. Mai turarenmu za ta ce: 'yan shekara 18 zuwa sama, mazauna garuruwan da take iya aika kaya, mutum ɗaya amsa ɗaya, za a rufe ranar Alhamis da ƙarfe tara na dare, a fitar da masu rabo ranar Juma'a bayan la'asar, wanda bai amsa saƙo cikin kwana biyu ba za a zaɓi wani. Kwana huɗu zuwa bakwai sun isa. Idan ta wuce haka mutane sun manta, idan ta gaza haka labarin bai zaga ba. Sharaɗin gari kuwa ba ƙyashi ba ne. Mabiyin da ba za ka iya kai masa kaya ba, ba zai taɓa zama mai saye ba.

Ranar zaɓe ita ce ranar da ake gina amana ko a rushe ta, domin zargin da ya fi yawo shi ne "'yan uwansu suke ba wa". Hanyar da ba ta da tsada ita ce a kwashe sunayen waɗanda amsarsu ta cika sharaɗi a cire masu maimaici, a jera su a Google Sheets, kowa da lambarsa daga 1 zuwa 180, sannan a buɗe bidiyo kai tsaye a nuna jerin, a rubuta wannan a wani gurbi:

```
=RANDBETWEEN(1,180)
```

Lambar da ta fito ita ce ta mai rabo. Sai dai a sani, wannan lambar tana sauyawa duk lokacin da aka taɓa wani abu a shafin lissafin, don haka a faɗa tun kafin a fara cewa ta farkon da ta bayyana ita ce, a rubuta ta a takarda a gaban masu kallo, sannan a sake don na biyu da na uku. Wanda bai saba da wannan ba ya rubuta lambobi a ƙananan takardu, ya zuba a kwano, a sa yaro ya ɗauko a gaban kyamara. 'Yan gida da ma'aikata kuwa a ce tun farko ba sa ciki. Idan kaya sun isa, a nemi izinin mai rabo kafin a saka hotonta ko sunanta. Mata da yawa ba sa so, kuma hoton kayan a hannu ko saƙon godiya da aka rufe suna ya wadatar.

Aikin da ya fi kawo kuɗi yana farawa ne bayan an gama. Mutum 177 ba su ci ba, amma kowannensu ya faɗa da bakinsa irin ƙamshin da yake so. Sai mai turarenmu ta sanar a shafin cewa duk wanda ya shiga gasar yana da ragin kashi 10 cikin ɗari, ko kai kaya kyauta a cikin gari, na tsawon mako guda. Daga nan ne yawancin masu sayen nan 12 za su fito. Makonni biyu masu zuwa kuma kada shafin ya yi shiru: ta ɗauki tambayoyin da suka taso a sharhi ta riƙa amsa su da gajerun bidiyo. Sabon mabiyi yana yanke shawarar zama ko tafiya ne a 'yan kwanakin nan.

Yaya za a gane tun ana cikin gasa cewa mafarauta ne suka cika wurin? Alamun ba sa ɓuya. Amsoshi iri ɗaya kalma da kalma. Asusun da ba hoto, ba abin da aka taɓa sakawa, yana bin shafi dubbai amma mabiyansa ba su kai ashirin ba. Asusun da in ka leƙa ba abin da ke ciki sai sanarwar gasa iri-iri. A Insights kuma, idan shafinka na kasuwanci ne, za ka ga garuruwan da mabiyanka suka fi yawa; in ka ga garin da ba ka taɓa aika kaya ba ya hau sama cikin kwana biyu, labarin ya faɗa hannun da ba ka nufa ba. Kafin a fara gasa a rubuta abu uku a littafi: adadin mabiya, matsakaicin mutanen da kowane hoto ke kaiwa gare su, da yawan masu tambayar farashi a mako. Bayan kwana talatin da rufewa a sake dubawa. Raguwar mabiya kaɗan bayan gasa abu ne da aka saba. Amma idan mabiya sun ƙaru, masu gani da masu tambaya ba su ƙaru ba, gasar ba ta yi aiki ba, ko nawa adadin saman shafin ya nuna.

Akwai iyakar abin da rabon kyauta zai iya yi. Ba ya gyara kaya marasa inganci, ba ya gyara jinkirin amsa saƙo, kuma idan aka mai da shi na kowane mako, har masu saye na gaskiya za su koyi jira maimakon biya. Sau biyu ko uku a shekara ya isa, a lokutan da ake neman kayan dama, kamar gabanin Sallah ko lokacin da bukukuwa suka yi yawa.

Don haka kafin ka saka sanarwa ta gaba, ɗan uwa ko 'yar uwa mai sana'a, ka cire tsabar kuɗi ka sa kayanka, ka cire "yi tagin mutum uku" ka sa tambaya ɗaya da mai sayenka kaɗai zai ji daɗin amsawa, ka rubuta ƙa'idojinka da layin da ke wanke dandalin, sannan ka sa ranar da za ka dawo ka duba littafinka bayan kwana talatin.